La'asar ta riske ni a kan gada, na yi taimama da kankare

Sabi'u Mai Albasa: Assalamu alaikum. Malamai, ina da tambaya, ku yi haƙuri da tsawonta. Jiya na je Idumota karɓo kuɗin kaya, na yi Azahar a can, da alwalata na hau danfo a Obalende wajen ƙarfe uku da rabi, La'asar ba ta yi ba tukuna. Lissafina kafin biyar ina Mile 12. Muna hawa gadar Third Mainland aka ce wata babbar mota ta faɗi a gaba, hanya ta tsaya cik. Barci ya ɗauke ni a cikin motar. Da na farka rana ta yi ja, tana gab da faɗuwa, kuma ba mu kai ko rabin gadar ba. Abin da ke hannuna rabin ledar fiya wata ne kawai. Na sauka, na buga hannuna a kan kankaren gefen gada, na shafi fuska da hannu, na shimfiɗa kwali tsakanin motoci na yi La'asar. Ban daɗe da sallamewa ba rana ta faɗi, sai na tashi na yi Magariba da wannan taimamar, don ban ji abin da ya karya ta ba. Tun jiya zuciyata ba ta kwanta ba. Sallolin nan biyu sun yi, ko in rama?

Garba Obalende: Wa alaikumus salam. Sabi'u, taimama a Legas? Kana kan gada, ruwa ne shimfiɗe a ƙarƙashinka dama da hagu har iya ganinka. Taimama ta mutanen daji ce da matafiya cikin sahara. Ni a ganina ka rama duka biyun.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Garba, ta ina zai sauka ya ɗebo? Ka san tsayin gadar nan daga ruwa, kuma tsawonta ya haura kilomita 11, idan kana tsakiya ba matakala ba komai. Ruwan da hannunka ba zai kai gare shi ba ai da shi da babu duk ɗaya ne. Mu da muke kwana a layin Apapa da tanka mun san wannan. Sabi'u, sallarka ta yi. Ni kuma ina ganin alwalarka ta Azahar ba ta karye ba, tunda a zaune ka yi barcin. Barcin zaune ba ya karya alwala, na kwance ne ke karyawa.

Malam Hadi Agege: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sabi'u, Allah ya saka maka da alheri da ba ka bar rana ta faɗi a kanka ba ka yi sallah ba. Tambayarka ba ɗaya ba ce, mu bi ta daki-daki, kuma akwai abin da sai ka ba ni amsa kafin in ce komai.

Alhaji Ɗanjuma ya yi daidai a kan ruwan ƙarƙashin gada. Ayar Suratul Ma'ida ta 6 ta ce idan ba ku sami ruwa ba, kuma malamai sun haɗa wanda ruwan yana nan amma ba shi da hanyar kai wa gare shi, kamar mai tsaye a bakin rijiya ba guga ba igiya. Mazaunin gari mai lafiya ma yana taimama domin farilla idan ya ji tsoron fitar lokaci, haka yake a Ahalari. Abin da ba a yardar masa ba shi ne ya yi ta domin nafila ita kaɗai, ko Juma'a.

Amma maganar barci, Alhaji, a mazhabarmu ta Malikiyya ba zama ko kwanciya ake dubawa ba, nauyin barcin ake dubawa. Barci mai nauyi yana warware alwala ko gajere ne, ko a zaune ne. Mai sauƙi, irin gyangyaɗin da kana jin hirar mutanen gefenka, ba ya warwarewa, sai dai idan ya yi tsawo an so a sake. Abin da ka faɗa ya fi kusa da maganar Shafi'iyya, su ne suke duba ko mutum ya zauna daram a kan mazauninsa. Sabi'u, da ka farka, me ka tarar? Akwai abin da ke hannunka da ya faɗi ba ka sani ba? Ka ji abin da ake yi a motar?

Sabi'u Mai Albasa: Allah gafarta Malam, carbina yana hannuna lokacin da muka tsaya. Da na farka a ƙasan kujera na gan shi, wani Bayarabe da ke kusa da ni ne ya nuna min. Kuma ashe har kwandasta ya yi rigima da wani fasinja a kan canji, ni ban ji komai ba.

Malam Hadi Agege: To wannan barci mai nauyi ne, alamominsa ke nan da malamai suke ambata: abu ya faɗi daga hannunka ba ka ji ba, ko a ɗaga murya kusa da kai ba ka ji ba, ko yawu ya zubo ba ka sani ba. Alwalar Azahar ta tafi. Ka yi daidai da ba ka dogara da ita ba.

Yanzu sai ruwa. Kafin mutum ya koma ga ƙasa, akwai nema a kansa. Idan ana sayar da ruwa a kusa, a kan kuɗin da aka saba a wurin, kuma kana da kuɗin ba ka buƙatarsa don abinci ko kuɗin mota, wajibi ne ka saya. Idan wani ya ba ka kyauta wajibi ne ka karɓa. Abokan tafiya ma ana tambayarsu, matuƙar ba ka tabbatar za su hana ba. Yaran da ke tallar ruwa a gosulo fa, ba ka gan su ba?

Sabi'u Mai Albasa: Sun wuce tun da farko, Malam, kafin in yi barci. Da na farka na duba gaba da baya, yaro ɗaya na gani da roba a kai, ba komai ciki sai ledojin da aka shanye. Na tambayi direbanmu, ya nuna min jarkar da yake zuba wa lagireto, ruwan ya yi baƙi da mai. Fasinjoji kuwa ban tambaye su ba, kowa yana fifita da hannu saboda zafi.

Baba Isiyaku Mai Ruwa: Ɗana Sabi'u, bari in sa baki a abin da na sani, hukunci na malamai ne. Leda ɗaya ta fiya wata rabin lita ce, kuma tana yi wa babban mutum alwala cikakkiya idan ya iya riƙe ta. Matsalar yaran yanzu, sai su yage bakin ledar da faɗi, rabin ruwan ya tafi a wankin hannu. Ka huda kusurwa da haƙori ɗan ƙarami, yadda sai ka matsa zai fito. Ka tsuguna ka matse ledar tsakanin gwiwoyinka, ko ka ba na kusa da kai ya riƙa ɗiga maka. Tafi ɗaya cike ya isa fuska idan ka fara daga matsirar gashi ka bi da hannu har haɓa. Hannun dama, ka zuba a tafin ka ɗaga shi sama ruwan ya gangaro zuwa gwiwar hannu, hagu na biye da shi yana cuɗawa. Kai kuwa jiƙa hannu ne kawai. Ƙafa ce mai cin ruwa, musamman mu masu kaushi da faso, a nan za ka kashe abin da ya rage, ka kula da dunduniya da tsakanin yatsu. Rabin leda kuwa gaskiya da wuya. Mai ƙaramin jiki da ƙafa mai tsabta wataƙila, amma wanda ya yini a Idumota da silifa, ƙurar ƙafarsa kaɗai za ta shanye shi.

Malam Hadi Agege: Baba, Allah ya ƙara lafiya, abin da ka kwatanta shi ne aikin. Anas ɗan Malik ya ce Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana alwala da mudu ɗaya, wato cikin tafuka biyu na matsakaicin mutum, bai kai lita ɗaya ba. Ibn Abbas kuma ya ruwaito cewa ya yi alwala sau ɗai-ɗai. Idan ruwa ya yi kaɗan, sai a bar kuskurar baki da shaƙa ruwa da shafar kunne da wanki na biyu da na uku, a tsaya a kan farilla: niyya, fuska, hannaye zuwa gwiwa, shafar kai, ƙafafu zuwa idon sawu, da cuɗawa, a yi su a jere ba tare da jinkiri ba. Idan ruwan zai isa wannan, taimama ba ta halatta.

Sai dai a kula, wanki ba shafa ba ne. Dole ruwa ya gudana a kan gaɓar ko da kaɗan. Wanda ya jiƙa hannu ya goga a ƙafa don ruwan ya kai, bai yi alwala ba. Idan ruwan ba zai isa farillan duka ba, a wurinmu ba a raba tsarki biyu, a wanke fuska da ruwa a cike sauran da ƙasa. Ana barin ruwan a yi taimama. Kuma mutumin da bai san ƙarfe nawa zai sauka daga gada ba, yana da haƙƙin ajiye abin sha idan yana tsoron ƙishirwar da za ta cutar da shi. Don haka ban ga laifin Sabi'u a nan ba. Rashin tambayar fasinjoji ne kawai ɗan gibi, kuma a yanayin da ya kwatanta rinjayen zato shi ne ba mai rarar ruwan alwala.

Nura Idi-Araba: Malam, da izininka. Ni inda nake jira a zo shi ne kankaren. Na san littattafanmu za su ce bai yi ba, amma hadisin Abu Juhaim yana cikin Bukhari: Annabi (SAW) ya taho daga wajen Bi'iru Jamal, wani ya yi masa sallama, bai amsa ba sai da ya fuskanci bango ya shafi fuskarsa da hannayensa. Bango ne fa, ba ƙasa ba. To mene ne bambancin bango da kankaren gada? Siminti ai daga dutse ake yin sa, yashi da tsakuwar da aka cuɗa shi da su kuma duk ƙasa ce. Ni ina ganin duk bangon da mutum ya samu ya wadatar, har fenti da tayil.

Malam Hadi Agege: Nura, hadisin ingantacce ne, kuma ka kawo shi a wurinsa. Amma bangayen Madina a wancan lokaci na laka ne da tubalin da rana ta busar, irin ginin ƙasa na garuruwanmu. Wanda ya buga hannu a kansa, ƙasa ya taɓa. Malikiyya ba su hana bango don bango ne ba. Ƙa'idarsu ita ce a taɓa abin da yake daga jinsin ƙasa kuma wuta ba ta sauya shi ba: turɓaya, yashi, tsakuwa, dutse, laka, ɗanyen tubali. Abin da aka gasa ya fita, shi ya sa Ahalari ya ambaci gasasshen farar ƙasa cikin abin da ba a taimama da shi, tare da tabarma da katako da ciyawa. Siminti kuwa dutsen farar ƙasa ne da aka ƙona a wuta mai tsanani kafin a niƙa. A kan wannan ƙa'ida, tsurar kankare da bulon siminti da tayil da jan bulo duk ba su yi. Fenti kuma ba ƙasa ba ne a wurin kowa, nan ka zarce. Hanafiyya sun fi faɗaɗawa, suna karɓar bangon da aka shafe da farar ƙasa ko da ba ƙura a kansa. Shafi'iyya da Hanbaliyya kuma ta wata fuskar sun fi mu tsanani, su sai ƙura ta maƙale a hannu.

Shi ya sa nake da tambaya ta uku ga Sabi'u. Da ka buga hannunka, a ina ka buga, kuma me ka gani a tafinka?

Sabi'u Mai Albasa: Ba a saman bangon ba ne, Malam, can iska ta share shi. A ƙasa ne, inda bangon ya haɗu da kwalta, akwai yashi da ƙura da suka taru a lungun, kaurinsu ya kai yatsa. Nan na sa hannu. Da na ɗaga sai da na karkaɗe. Na duba kuma ba alamar fitsari ko mai a wurin, busasshe ne.

Malam Hadi Agege: Alhamdu lillahi. To ai ba da kankare ka yi taimama ba, da yashi ka yi. Ƙasar da iska ko ƙafa ta ɗauko ta tara a wani wuri tana nan a matsayinta na ƙasa, muddin tana da kaurin da hannunka ita ya taɓa ba abin da ke ƙarƙashinta ba, kuma ba ka ga najasa a cikinta ba. Wannan ya yi a wurinmu, ya yi a wurin masu sharaɗin ƙura ma. Idan ka yi niyya, ka game fuskarka duka da shafa, ka shafi hannayenka har wuyan hannu ciki da waje da tsakanin yatsu, sannan ka tashi ka yi kabbara ba tare da dogon jinkiri ba, La'asar ɗinka ta yi, ba sai ka rama ba. Bugu na biyu domin hannaye da kai shafa har gwiwar hannu sunna ne a wurinmu. Hadisin Ammar ɗan Yasir, wanda ya yi birgima a ƙasa saboda janaba, bugu ɗaya Annabi (SAW) ya nuna masa, fuska da tafuka. Idan akwai zobe ko agogon da ya rufe wurin shafa, a cire shi.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Malam, ni shi ya sa dutse ba ya rabuwa da motata. Wani sulɓaɓɓen dutse ne mai faɗin tafin hannu da na tsinto a hanyar Lokoja, yana cikin aljihun ƙofa. A Apapa ƙasar duk baƙin mai ne da ruwan kwata, ba inda za ka sa hannu. Ina fata wannan ya yi.

Malam Hadi Agege: Ya yi, Alhaji, dutse ba ya buƙatar ƙura a wurin Malikiyya. Ka kiyaye shi daga najasa kawai, kuma kada samunsa ya sa ka bar neman ruwa. A layin Apapa masu ruwa suna yawo, wanda yake iya saye ba shi da uzuri.

Hajiya Rabi Agege: Malam, ku yi haƙuri in shigo da tawa tunda ana maganar ruwa. Rijiyar gidan da muke haya ruwanta ja-ja ne tun da muka tare, idan ya kwana a bokiti sai ka ga ja ya kwanta a ƙasa, har farin kaya yake ɓatawa. Da shi muke alwala shekara da shekaru. To bana da damina ta yi ƙarfi, kwatar bayan gida ta cika ta malalo tsakar gida, tun daga nan ruwan ya soma wani wari da ba mu saba ji ba. Maigidan yana cewa ruwa mai yawa ba ya najasa. Ni kuwa na daina, ina sayen jarka wurin masu kura. Ran da ba su zo ba fa, ko ba kuɗi, in yi taimama alhali ga rijiya cike a gabana?

Malam Hadi Agege: Hajiya, abu biyu ne a rijiyarki, hukuncinsu daban. Jan da kika saba gani daga ƙasar rijiyar yake, ƙarfen da ke cikin ƙasa ne yake rina ruwan. Duk canjin da ya zo daga mazaunin ruwa, ko gishirin ƙasa, ko gansakuka, ko daɗewa a wuri ɗaya, ba ya hana tsarki. Alwalarku ta shekarun baya lafiya lau take. Haka ruwan teku da gishirinsa, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, Annabi (SAW) ya ce ruwansa mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne.

Warin bana kuwa wani abu ne. Maganar maigida gaskiya ce da sharaɗi: ruwa ba ya najasa matuƙar launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa bai sauya ba. Idan ɗaya daga cikin ukun ya sauya saboda najasa, yawa ba ya cetonsa, ko rijiya ce ko tafki. Ki ɗebo a kofi mai tsabta, ki fita da shi nesa da tsakar gidan, ki shinshina. Wani lokaci warin na iskar wurin ne, ruwan kansa lafiya yake, wannan ba ya cutarwa. Idan warin ya biyo ruwan, kuma kun ga lokacin da kwata ta shiga, to ba a alwala da shi, ba a wanka, ba a girki. Sai a toshe inda ruwan kwatar yake shiga, a yashe rijiyar har warin ya gushe. Kafin nan, ran da kika rasa na saye da na maƙwabta, taimama ta halatta gare ki. Sai dai idan kina sa ran masu kura za su zo, ki jinkirta zuwa ƙarshen zaɓaɓɓen lokaci. Idan kin fid da rai, ki yi a farkon lokaci. Idan kina kokwanto, tsakiya. Haka Halil ya raba su a Muhtasar.

Hajiya Rabi Agege: Na gode Malam, zan gwada na kofin gobe da safe. Yasar rijiyar ce sai mai gidan haya ya yarda, kuma mu gida takwas ne a kanta.

Garba Obalende: To Malam, ruwan da ke ƙarƙashin gadar shi ma ai teku ne. Da Sabi'u ya sami guga da igiya, da ya yi?

Malam Hadi Agege: Da hanci da ido za a yi hukunci, Garba, ba da sunan ruwan ba. A tsakiya, inda yake da faɗi yana motsi, idan ba abin da ya sauya shi sai gishiri da laka, ya yi. A gefen da magudanan gari suke zuba, inda ya yi baƙi yana wari, bai yi ba.

Sabi'u Mai Albasa: Malam, saura Magaribar.

Malam Hadi Agege: Ita ce nake ganin ka rama. Dalili biyu ne. A mazhabarmu ba a sallar farilla biyu da taimama ɗaya, ta biyun ba ta inganta. Kuma taimama ba a yin ta sai lokacin sallar ya shiga, taka kuwa ka yi ta rana ba ta faɗi ba, lokacin Magariba bai zo ba. Abin da ya kamata, da rana ta faɗi ka sake duba ruwa, idan babu ka koma lungun nan ka sake bugu da niyyar Magariba. Nafila ce kawai take bin farilla a taimama ɗaya idan an haɗa su ba rata. Ka rama raka'a uku yanzu, ba sai ka jira wata Magaribar ba.

Nura Idi-Araba: Malam, a nan kam ban gamsu ba. Hadisin Abu Zarri ya ce ƙasa mai tsarki ita ce abin alwalar Musulmi ko da shekara goma bai sami ruwa ba. Idan tana madadin alwala, me zai sa shigar lokaci ya karya ta? Ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala. Abu Hanifa yana ganin a yi salloli da ita har sai an yi kari ko an ga ruwa, Ibn Taimiyya ma haka ya zaɓa. Me ya sa za mu ɗora wa bawan Allah ramuwa?

Malam Hadi Agege: Saɓanin gaskiya ne, Nura, kuma waɗanda ka ambata manya ne, ba na cewa wanda ya bi su da sani sallarsa ta ɓaci. Tushen maganar shi ne, su suna ganin taimama tana ɗauke kari kamar yadda ruwa yake ɗaukewa, har zuwa samun ruwa. Malik da Shafi'i suna ganin ba ta ɗauke shi, tana halatta sallah ne saboda lalura, kuma kowace sallah da nata neman ruwan. An ruwaito daga Ibn Umar cewa ana taimama ga kowace sallah ko ba a yi kari ba. Sabi'u bai yi abin da ya yi don bin Abu Hanifa ba, bai san hukuncin ba ne, kuma ga shi ya kwana zuciyarsa ba daɗi. Raka'a uku za su fitar da shi daga saɓanin gaba ɗaya.

Nura Idi-Araba: Na yarda ramawa ta fi kwanciyar hankali. Cewa wajibi ce, nan ne nake da sauran magana, zan kawo ta zaure in sha Allah.

Alhaji Ɗanjuma Direba: Malam, ɗaya ta rage min. Wanda yake cikin doguwar motar BRT a tsaye, an cika maƙil, direba ba zai buɗe ƙofa a kan gada ba, ba ruwa, ba dutse, kujerun roba ne da ƙarfe, rana kuma tana faɗuwa. Shi fa?

Malam Hadi Agege: Wannan ita ce mas'alar wanda ya rasa ruwa da ƙasa duka, kuma a cikin mazhabarmu kanta magana huɗu ce. Malik ya ce sallar ta saraya, ba ramuwa, shi ne abin da Halil ya tafi a kai a Muhtasar. Ibnul Ƙasim ya ce ya yi sallah a haka, ya rama daga baya. Ashhabu ya ce ya yi, ba ramuwa. Asbagu ya ce kada ya yi, ya rama idan ya sami tsarki. Ni idan aka tambaye ni, na Ibnul Ƙasim nake ba mutum: ya yi yadda ya iya da ishara, idan ya sauka ya yi alwala ya sake. Amma kafin ya kai nan ya tambayi na kusa da shi ruwa, a mota mai mutum da yawa da wuya a rasa mai gora.

Sabi'u Mai Albasa: Na rama Magaribar yanzu a masallacin kasuwa, Malam, Allah ya saka da alheri. Isha'in jiya da sallolin yau da na yi kafin ramuwar fa, su ma sai na sake su saboda jeri?

Malam Hadi Agege: Waɗanda lokacinsu ya fita sun wuce, ba sai ka sake ba. Wadda ka yi ta ƙarshe, idan lokacinta bai fita ba, an so ka maimaita ta bayan ramuwar. Wace ce ka yi ta ƙarshe, kuma ƙarfe nawa ka rama?

Sabi'u Mai Albasa: Azahar ce, Malam. Biyu da rabi na rama, La'asar ba a kira ba tukuna.

Malam Hadi Agege: To ka tashi ka maimaita Azahar ɗin kafin a kira.